Sharhin suka ya yi wa otal ɗina yawa a intanet: tambayoyi da amsoshi ga masu ƙananan otal a Sakkwato

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi maimaituwa a bakin masu ƙananan otal da gidajen saukar baƙi a nan Sakkwato, irin masu ɗaki goma zuwa talatin, a duk lokacin da baƙi suka fara rubuta ƙorafi a Google Maps ko Booking.com ko Facebook. Ƙorafin kusan kullum iri biyu ne: ɗaki ba shi da tsabta, ma'aikata kuma ba su da fara'a. Na tattara amsoshin ne a kan waɗannan biyun kawai. An sa wa kowace tambaya lamba don a iya komawa gare ta daga wata amsa.

1. Na buɗe waya na tarar da sharhin suka fiye da goma cikin sati uku. Da me zan fara?

Kada ka rubuta amsa a ranar. Mutumin da ya zuba dukiyarsa ya gina wuri, ya ga wani ya kira shi juji a idon duniya, zuciyarsa ce za ta yi rubutun, kuma abin da ya rubuta zai daɗe a shafin fiye da fushin. Ka ba kanka kwana ɗaya ko biyu, amma kada su wuce a banza. Ka ɗauki hoton kowane sharhi daga fuskar waya, domin mai shi yana iya sauya shi ko ya goge. A Google Maps ka jera su da "Newest" don ka ga wanda ya fara shigowa da kuma yadda suka biyo juna.

Sannan ka samu takarda ka ja layi biyar: ranar sharhi, sunan da aka yi amfani da shi, abin da aka ce game da tsabta, abin da aka ce game da ma'aikata, da lambar ɗaki ko lokacin da abin ya faru in an ambata. Ka rubuta kalmar mai sharhin yadda ya faɗe ta. Idan ya ce "gashi a kan matashin kai", kada ka taƙaita zuwa "ƙazanta", saboda gashi a matashi da wari a banɗaki ba hannu ɗaya ke jawo su ba. Wannan takarda ita ce tushen duk abin da ke ƙasa.

2. Ta yaya zan gane baƙi na gaskiya ne, ba maƙiya ko abokan gasa ba?

Tunanin farko da ke zo wa kowa shi ne hassada ce. Tana faruwa, amma ka bari rajista ta yi hukunci. Ka ɗauki littafin rajistar baƙi da rasit-rasit na wata biyu da suka wuce, ka gwada su da takardar da ka cika a tambaya ta 1. Baƙon gaskiya yakan faɗi abin da sai wanda ya kwana zai sani: famfon da ke ɗiga, launin labule, ƙarfe nawa aka kashe janareta. Idan ka taɓa sunansa a Google za ka ga ko ya taɓa yin sharhi a kan wasu wurare, gidan abinci a Kano, otal a Birnin Kebbi, da makamantansu. Ka tuna kuma cewa da yawa ba sa amfani da sunansu na gaskiya a intanet, wani kuma kamfani ko ma'aikata ce ta kama masa ɗaki, don haka rashin ganin suna a rajista shi kaɗai bai isa hujja ba.

Alamun na ƙarya daban suke. Sharhi da yawa a rana ɗaya ko biyu, tauraro ɗaya ba bayani, ko bayani iri ɗaya kamar an kwafa, daga asusun da ba su taɓa rubuta komai ba, ko a ambaci abin da ba ka da shi, kamar wurin ninƙaya alhali ko kududdufi babu a gidan. A Booking.com wannan shakka ba ta da yawa, domin sai wanda ya kama ɗaki ta hanyarsu ake ba damar yin sharhi. A Google kuwa kowa na iya rubutawa.

3. Za a iya nuna mini yadda wannan bincike yake a aikace?

Bari mu ƙaddara wani otal mai ɗaki 18, goma a ƙasa, takwas a saman bene. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba sharhi 12 na suka suka shigo. Da manaja ya gwada da rajista, tara sun dace da baƙi na gaskiya, uku ba a gano su ba. Cikin taran nan bakwai a sama suka kwana. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya daina cewa "otal ɗina ya lalace", ya koma tambayar me ke faruwa a saman bene.

Ga abin da ke faruwa. Masu gyaran ɗaki uku ne, ɗaya ta bar aiki a farkon Nuwamba, ba a ɗauki wata ba. Gyaran ɗakin da baƙo ya tashi daga ciki, in za a yi shi da kyau, da sauya zanin gado da wanke banɗaki da goge ƙura, yana cin kusan minti 40. A ranar da ɗaki 12 suka tashi, aikin awa takwas ke nan, wato awa huɗu ga kowacce cikin biyun da suka rage. Baƙi na fita da sha biyun rana, sababbi na fara shigowa da ƙarfe biyu. A cikin awa biyun nan ɗaki shida kawai za su iya gamawa, kuma daga ƙasa suke farawa. Sauran shidan, waɗanda yawanci na sama ne, sai a yi musu sha-ka-tafi: a miƙe zanin gado, a fesa turare, a ja ƙofa. Ga shi lokacin hunturu ne, tagogin sama su suka fi shan ƙura.

Ƙorafin hali ma ya bi layi ɗaya. Sharhi biyar sun yi maganar rashin ladabi, huɗu daga ciki bayan ƙarfe goma na dare ne, kuma yaro ɗaya ne a kan tebur. Shi ne wanda baƙin saman nan ke saukowa su same shi da faɗa a kan ɗakin da ba shi ya gyara ba, ba shi da makullin sito da zai ɗauko wani zani, ba shi da izinin sauya wa kowa ɗaki. Ka ga ƙorafi biyu da ake gani daban ashe daga rami ɗaya suka fito. Ba kowane otal ne zai samu amsa a fili haka ba, amma in sharhi suka zo a jere bayan an daɗe lafiya, ka tambayi kanka me ya canza wata ɗaya ko biyu kafin na farko: wa ya bar aiki, an sauya mai wanki, an rage awannin janareta, albashi ya makara?

4. Google zai goge mini sharhin in na roƙa?

Ba zai goge sharhi don kawai ya yi maka zafi ko kana ganin an yi maka rashin adalci ba. Abin da yake cirewa shi ne wanda ya saɓa ƙa'idarsa: na ƙarya daga wanda bai taɓa zuwa ba, zagi da batsa, cin zarafin wani mutum, talla, maganar da ba ta shafi wurin ba, ko wanda abokin gasa ko tsohon ma'aikaci ya rubuta. Kafin komai sai ka mallaki shafin otal ɗin a Google Business Profile. Da yawa a garin nan shafinsu na Google Maps wani baƙo ne ya buɗe shi, su ba su taɓa karɓarsa ba, don haka ko amsa ba za su iya bayarwa da sunan otal ba. In ka mallaka, sai ka je kan sharhin, ka zaɓi "Report review", ka nuna dalilin da ya dace. Hukunci yakan ɗauki kwanaki, kuma in an ƙi akwai damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya.

A misalin tambaya ta 3, ukun da ba a gano ba ne kawai za a duba ko suna da alamun ƙarya. Kai ƙarar duka goma sha biyun ɓata lokaci ne.

5. To yaushe zan amsa, kuma me zan ce?

Ka amsa da zarar kana da abin gaskiya da za ka faɗa, yawanci cikin kwana biyu zuwa uku. Wanda kake yi wa magana a zahiri shi ne baƙon gobe, mai zuwa jinya asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ɗan kasuwar da zai kwana kafin ya wuce Illela, wanda ke karanta shafin a cikin mota yana zaɓen inda zai sauka. Shi yana son ya ga abu uku: ka ji abin da aka ce, ka gyara wani abu takamaimai, kuma akwai mutumin da za a iya nema. Ka amsa da harshen da aka yi sharhin, na Hausa da Hausa, na Turanci da Turanci, kuma ka sa muƙaminka a ƙasa.

Ga irin amsar da ta isa: "Assalamu alaikum. Mun gode da ka faɗa mana. Gaskiya ne ɗakunanmu na sama ba su samu gyaran da ya kamata ba a farkon Disamba, saboda mun yi ƙarancin ma'aikata, kuma laifinmu ne. Mun ƙara mai gyaran ɗaki, yanzu kuma ba a ba da makulli sai an duba ɗaki an sa hannu. Muna neman afuwa. In ka samu dama ka kira lambar otal ka nemi manaja." Ba a buƙatar fiye da haka. Amma kada ka rubuta "mun ƙara ma'aikaci" in ba ka ƙara ba, domin baƙon da zai zo sati mai zuwa zai gani da idonsa, kuma shi ma yana da waya.

Kada ka kwafa amsa ɗaya ka manna wa duka. Mai karatu yana ganinsu a jere, kuma amsa iri ɗaya sau goma tana nuna ba wanda ya karanta ƙorafin. Wanda ya yi maganar wari a amsa masa maganar wari.

6. Wani ya ƙara gishiri, wani ma shi ne ya yi laifi. Ba zan fito da gaskiya in kare kaina ba?

Kana iya gyara bayanin da ba daidai ba cikin jimla ɗaya, ba tare da faɗa ba: "A rajistarmu an sauya maka ɗaki cikin daren, amma mun yarda bai kamata ka tarar da na farkon a haka ba." Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne tona asirin baƙo. Kada ka faɗi cikakken sunansa, ko da wa ya zo, ko ƙarfe nawa ya shigo, ko ka sa hoton katin shaidarsa ko na kyamarar tsaro. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk wanda ke riƙe bayanan abokan ciniki, kuma otal na ciki. Ko babu doka ma, a gari irin Sakkwato da kowa ya san kowa, otal ɗin da aka ga ya fallasa baƙo ɗaya, sauran sun gama lissafinsu.

7. Kullum muna shara da goge-goge. Me baƙi ke gani da mu ba ma gani?

Mai wuri idonsa ya saba. Kana shiga ɗaki ka duba ƙasa, ka ga tayil na ƙyalli, ka fito. Baƙo kuwa zama yake yi. Yana yaye bargo ya duba zanin gado, ya juya matashin kai, ya ɗauki rimot, ya ɗaga kai ya ga fiffiken fanka, ya shiga banɗaki ya ɗauki buta ya leƙa cikinta. Butar nan da bokiti suna cikin abubuwan da aka fi mantawa, gindinsu ya yi santsi da kore, alhali da su baƙo zai yi alwala. Haka darduma: in an ajiye ta a ɗaki, ta shiga lissafin kayan wanki. Shawarar da na fi bayarwa ita ce ka kwana da kanka a ɗakin da aka fi kuka da shi, ba tare da ka sanar da kowa tun da rana ba. Ka shigo da dare kamar baƙo, ka yi wanka, ka yi salla, ka kwanta.

Hunturu yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗakin da aka gyara da safe yana iya yin fari da ƙura kafin la'asar, kuma baƙon da ya sauka daga jirgin Legas ko Abuja ba zai kira shi hunturu ba, ƙazanta zai ce. Don haka duk ɗakin da ya kwana ba kowa, a sake goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin a ba da makulli, aikin minti biyar ne. A toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, a riƙa wanke matatar na'urar sanyaya ɗaki duk sati a wannan lokaci, a sauran shekara duk sati biyu. Tsintsiya a busasshen ɗaki tayar da ƙura kawai take yi ta sauka a kan gado.

Sai kayan gado. Kowane gado na buƙatar saiti uku: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a sito. Otal mai gado 18 saiti 54 ke nan. Wanda ke da biyu ko ƙasa da haka, ranar da mai wanki ya makara, ma'aikata za su karkaɗe na jiya su mayar, kuma daga nan gashi a kan matashi ke fitowa. Zanin da tabonsa ya ƙi fita a cire shi daga ɗakuna ko da an wanke shi sau goma, domin baƙo ba shi da hanyar sanin tsohon tabo ne.

8. Ana wanke banɗaki amma wari bai tafi ba. Daga ina yake fitowa?

Sau da yawa daga magudanar ƙasa ne. A ƙarƙashin ramin da ruwan wanka ke bi akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ke tare iskar da ke tasowa daga sokawe. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, ɗakin da ya yi kwanaki ba kowa ruwan yakan ƙafe, wari ya samu hanya. Maganinsa a zuba rabin bokitin ruwa a magudanar, a kuma ja ruwan masai duk bayan kwana biyu ko uku a ɗakunan da ba kowa. In an yi haka warin bai daina ba, a kira mai gyaran famfo ya duba ko an sa lanƙwasar tun farko, ko gindin masai ya saki, ko sokawen ta cika.

Game da sinadarin wanki, a fara wanke datti da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, wanda muka fi sani da haifo. In kwalbar ta nuna ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni 34 na ruwa ya isa, wato kusan mililita 30 a lita ɗaya. A bar shi ya jiƙa wurin aƙalla minti ɗaya kafin a ɗauraye, a kuma haɗa sabo kullum saboda yana rasa ƙarfi. Kada a taɓa gauraya shi da maganin wanke masai mai asid, haɗin yana fitar da iska mai guba, kuma banɗakunanmu ƙanana ne. Tsumman banɗaki a bambanta launinsa da na ɗaki.

9. Wani ya rubuta cewa kuɗin cizo ya cije shi. Wannan fa?

Wannan shi ne sharhin da ba ya jira. A rufe ɗakin a ranar, a duba ɗinkin katifa, allon kan gado da tsagogin katako da tocila. Ana neman ƙwaron da kansa, ko baƙaƙen ɗigo kamar na biro, ko ɗan jini a zani. A duba ɗakunan da ke gefe da gefe. Kayan gado a ƙulle su a leda kafin a fito da su, a wanke da ruwan zafi da ya kai digiri 60. A kira ƙwararren mai feshi, kuma a yi yarjejeniya da shi tun farko cewa zai dawo bayan kamar sati biyu, domin ƙwan yakan tsira daga feshin farko ya ƙyanƙyashe cikin kwana shida zuwa goma. Kada a bari yara su fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a ɗakin da mutum zai rufe ƙofa ya kwana, ana rasa rai ta wannan hanya. A amsarka ka faɗi cewa an rufe ɗakin an yi feshi, kamar yadda tambaya ta 5 ta nuna.

10. An ambaci sunan ma'aikacina a sharhi. In kore shi?

Kada ka yanke hukunci da sharhi kaɗai, kada kuma ka karanta masa shi a gaban sauran ma'aikata. Ka kira shi gefe, ka ce ya ba ka labarin daren. Ka duba awa nawa ya yi a kan aiki kafin abin ya faru. A ƙananan otal da yawa ɗan risafshan yana kama aiki da safe bai sauka ba sai wata safiyar, kuma wanda ya yi awa goma sha takwas a zaune ba za ka same shi da fara'a ƙarfe ɗaya na dare ba. Ka duba ko albashinsa na fita a kan lokaci. Ka duba kuma ko kana cire masa kuɗi duk lokacin da aka mayar wa baƙo kuɗinsa ko aka sauya masa ɗaki. In haka tsarinka yake, kai ka koya masa musu da baƙi, domin kowane ƙorafi daga aljihunsa ake biya.

Akwai abin da ba a yi masa uzuri: zagi, sata, neman na goro kafin a yi aiki, shiga ɗakin baƙo ba sallama, ko yi wa mace baƙuwa maganar banza ko kallon tuhuma don ta zo ita kaɗai. Waɗannan in sun tabbata, hukunci ya hau. Amma ɗaure fuska da gajeriyar amsa da danna waya ana yi maka magana, gargaɗi da horo da gyaran jadawalin aiki sukan magance su. A amsarka ta fili kada ka maimaita sunansa, kada kuma ka ce "mun kore shi" don ka faranta wa mai sharhi. Ka ce an zauna da ma'aikatan dare an gyara tsarin aiki.

11. Me zan koya wa 'yan risafshan takamaimai?

"Ku riƙa ladabi" ba horo ba ne. Ka ba su kalmomi, ka ba su iko. Baƙo ya shigo, a ajiye waya, a miƙe, a riga shi gaisuwa: "Sannu da zuwa Alhaji, ya hanya?" ko "Hajiya barka da isowa." In ya zo da ƙorafi, a bar shi ya gama, a ce "Yi haƙuri ranka ya daɗe, mu je in gani", a bi shi ɗakin. Kalmomin da za a hana su ne "ba aikina ba ne", "haka muke yi a nan", da "sai manaja ya zo da safe". Sai dai hana su ba zai yi aiki ba in na dare ba shi da abin yi. Ka bar masa saiti biyu na zanin gado da tawul da sabulu a kabad ɗin risafshan, ka ba shi izinin sauya ɗaki ba sai ya kira ka ba, da lambar da zai kira in abin ya fi ƙarfinsa. A kuma koya masa ya kira ɗaki minti goma bayan baƙo ya shiga ya tambaya ko komai lafiya. Ƙorafin da aka kashe a minti goman nan ba ya kaiwa intanet.

12. In sa 'yan'uwa da ma'aikata su rubuta sharhin yabo su danne na sukan?

A'a. Ƙa'idar Google ta hana sharhin ƙarya, ta hana mai wuri da ma'aikatansa yi wa kansu sharhi, ta hana ba da kuɗi ko rangwame don a rubuta yabo ko a goge suka, ta kuma hana zaɓen waɗanda suka ji daɗi kawai a roƙe su. Suna iya share irin waɗannan, har su sa wa shafin takunkumi. Mai karatu ma ba yaro ba ne: tauraro biyar guda ashirin a sati ɗaya, kowanne kalma biyu, a saman sharhin da ya zo da hoton banɗaki, ya san wanda zai gaskata. Bayan haka yaudara ce a ciniki, kuma mun san matsayinta.

Abin da ya halatta shi ne ka roƙi kowane baƙo, ba zaɓe, ya faɗi abin da ya gani. A Google Business Profile akwai mahaɗin neman sharhi da za ka iya tura wa baƙo ta WhatsApp a ranar da ya tafi, ko ka buga lambar QR ka ajiye a kan tebur. Amma sai bayan gyaran tambaya ta 7 zuwa ta 11 ya kama, in ba haka ba kana gayyato ƙarin suka ne da hannunka.

13. Makinmu ya faɗi daga 4.2 zuwa 3.5. Sharhi nawa muke buƙata mu dawo?

Lissafi ne na matsakaici. A ce da kana da sharhi 40 a kan 4.2, jimlar taurari 168. Sababbi 12 suka shigo, takwas tauraro ɗaya, huɗu tauraro biyu, jimla 16. Yanzu kana da 184 a raba da 52, ya ba da kusan 3.5. Don ka koma 4.0 kana buƙatar sharhi 24 masu tauraro biyar zalla. In rabi biyar ne rabi huɗu, wanda shi ya fi kama da gaskiya, sai 48. Otal ɗin da ke samun sharhi takwas a wata, aikin wata shida ke nan. A Booking.com maki a kan goma yake, ana nuna na tsabta da na ma'aikata daban, kuma sharhi yana zama wata 36 kafin ya fita daga lissafi.

Abin da ke rage zafin jiran shi ne mutane sun fi duba sababbin sharhi. Biyar ko shida na baya-bayan nan da ke cewa ɗaki fes yake suna aiki tun kafin lambar ta motsa. Mai sharhi kuma yana iya gyara abin da ya rubuta, don haka wanda ka kira ka ba haƙuri, in ya dawo ya ga canji, ba laifi ka ce masa in ya ga dama ya ƙara abin da ya gani a wannan karo.

14. In kai mai sharhin wurin 'yan sanda ko kotu? Wani kuma ya ce in biya shi ya goge.

Wanda ya kwana a wurinka ya faɗi abin da ya gani, ka bar shi. A 2023 an kama wata mata a Legas saboda abin da ta rubuta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani, maganar ta zagaye ƙasa, har mutane suka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Sharhin da mutum ɗari za su gani, kamu yana mayar da shi labarin da dubbai za su ji. In ƙage ne mai nauyi da kake da hujjar ƙaryarsa, ka ga lauya tukuna, kada ka yi barazana a shafin.

Mai neman kuɗi don ya goge kuwa, kada ka biya, wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Ka adana hoton saƙonninsa da lambar da ya turo su da ita da ranakun sharhin, ka kai wa Google ƙara da su kamar a tambaya ta 4. Wannan kam laifi ne da za ka iya kai wa hukuma.

15. Ta yaya zan san gyaran ya kama, ba sai wani sharhi ya sake faɗa mini ba?

Ka sa takardar duba ɗaki mai layi kamar goma, zanin gado, matashi, tawul, masai, magudana, buta da bokiti, ƙura a tebur da fanka, kwandon shara, wari, wanda wani daban da mai gyaran zai cika ya sa hannu kafin makulli ya koma risafshan. Kai kuma ka zaɓi ɗaki biyu kullum ba tare da sanarwa ba, ɗaya daga cikinsu a inda aka fi kuka. A ajiye littafin ƙorafi a kan tebur, na dare ya rubuta abin da aka kawo masa da abin da ya yi, ka karanta shi kowace safiya. A satuttukan farko littafin zai cika, kada hakan ya tayar maka da hankali, alama ce ta ƙorafin ya fara tsayawa a cikin gida. In bayan wata ɗaya abu ɗaya yana ta maimaituwa a lambar ɗaki ɗaya ko dutin mutum ɗaya, ka koma takardar tambaya ta 1 ka sake jan layukan da sababbin bayanai.